Kashe Inji Ba Ya Sauke Iska: Yadda Ya Kamata Gargaɗin Tankin Kwamfuresa Ya Fito da Hausa

A masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, da na Kakuri a Kaduna, da wuya ka shiga ɗakin injuna ba ka ga kwamfuresa da tankinta tsaye a gefe ba. Iskar da ke cikin tankin nan ita ke tura injin ɗinke buhu, ita ke motsa injin cika leda, ita ke hura robar lemo. A jikin tankin akwai farantin ƙarfe mai lambobi, akwai kuma takardun gargaɗi masu launi, kusan duka da Turanci, wasu da Sinanci. Wanda ke tsaye gaban tankin dare da rana kuwa, sau da yawa da Hausa ya koyi aikin daga bakin ogansa, da Hausa yake tunani, da Hausa kuma zai yi ihu in wani abu ya faru. Saboda haka wasu masu masana'antu kan sa a fassara gargaɗin, kuma tunani ne mai kyau. Sai dai fassarar da ta bi kalma da kalma tana iya zama daidai a ƙamus, amma ta bar mutum ya sa sifana a kan noti alhali mutuwa na bayan murfin.

Bari mu tsaya a kan gargaɗi guda ɗaya, wanda ba a rasa shi a jikin irin wannan tanki. Ma'anarsa ita ce a raba tankin da duk abin da ke ba shi iska, a sauke matsin da ke cikinsa, kafin a yi masa kowane irin gyara. Gajeriyar fassarar da ke fara zuwa bakin mutum ita ce: "A kashe inji kafin gyara." Tana da daɗin karantawa, ta kuma dace da ƙaramar takarda. Amma ta zubar da abin da aka rubuta gargaɗin dominsa.

Dalili shi ne, a yawancin injunan da ma'aikaci ya saba da su, kashewa ita ce ƙarshen haɗari. Ka kashe injin niƙa, bel ya tsaya, shi ke nan. Tankin iska ba haka yake ba, domin aikinsa ma shi ne ajiya. A ɗauki tanki mai cin lita 1,000 da ke aiki a kan bar 7, wanda shi ne matsin da masana'antu da yawa ke amfani da shi. Kwamfuresa ta cusa masa iskar da a sarari za ta cika wurin lita 8,000. Lita 7,000 daga ciki neman hanyar fita kawai take yi. Ko an kashe kwamfuresa, ko an ɗauke wuta tun jiya, ko ɗakin ya yi tsit, in bawuloli na riƙewa da kyau iskar tana nan yadda aka bar ta.

Ga abin da hakan ke nufi a hannun mai gyara. Bar ɗaya ya yi kusan nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Murfin ƙarfe mai zagaye da faɗinsa ya kai santimita 20 yana da murabba'in santimita 314. A kan bar 7, ƙarfin da ke tura wannan murfi daga ciki ya haura kilo 2,200, wato kamar buhun siminti 44 ne ke danne da shi, notuna kaɗai ke riƙe su. Ko allurar geji, wato agogon da ke nuna matsin iska, ta sauko zuwa rabin bar, inda ido zai ce ai ta kusa ƙasa, akwai sauran kilo 160 a bayan murfin. Wanda ya kwance noti na ƙarshe a wannan hali, murfin ne zai same shi a fuska ko a ƙirji.

Saboda haka aikin mai fassara na farko shi ne ya raba ayyukan da gargaɗin asali ya dunƙule, domin Hausa tana da fi'ili dabam ga kowannensu, kuma a bakin mutane waɗannan fi'ilai suna shiga gonar juna. Muna cewa kashe famfo, rufe famfo, kulle famfo, duk da nufi guda. In ka rubuta "a kulle bawul", mafi yawan masu karatu za su murɗa hannun bawul ɗin su tafi, sun gamsu sun kulle. Alhali abin da masu tsaron lafiyar ma'aikata ke nufi shi ne a rataya kwaɗo na gaske a kan makunnin wuta da kan bawul, mai gyara ya jefa makullin a aljihunsa, don kada wani ya zo daga baya ya kunna. To sai a rubuta haka ƙarara: a sa kwaɗo, makulli ya zauna a hannun mai gyara. Kalmar kwaɗo ba ta barin ƙofar wata fahimta.

Wannan batu na kwaɗo ya fi nauyi a wurinmu saboda yanayin wuta. Kwamfuresa tana da makunnin da ke jin matsi: in iska ta ragu zuwa wani mataki sai ta tashi da kanta, in ta cika sai ta tsaya. Inji mai shiru yana iya kasancewa jira kawai yake yi. Ƙananan kwamfuresoci masu fistin, da manya waɗanda aka saita su farfaɗo bayan ɗaukewar wuta, suna tashi da zarar wuta ta dawo ko an kunna janareta. Akwai alamar ƙasa da ƙasa ta wannan haɗari a tsarin ISO 7010, alwatika mai ruwan ɗorawa, amma hoton shi kaɗai ba kowa ke gane shi ba. Fassarar da ta ce "inji mai sarrafa kansa" ba ta gaya wa kowa komai ba, har ma ta yi kama da talla. Wadda ke aiki ita ce: "Wannan injin yana tashi da kansa ba tare da an taɓa shi ba, ko da yanzu yana tsaye."

Sai batun rabawa. Rufe bawul ɗin da ke tsakanin kwamfuresa da tanki rabin aiki ne. A masana'anta mai kwamfuresa biyu ko tanki biyu a kan babban bututu ɗaya, iska tana iya dawowa ta baya, daga layin da ke zuwa wurin injuna. Kuma shi kansa dogon bututun ma'ajiya ce. In takarda ta ce "a rufe bawul" kawai, ma'aikaci zai rufe wanda ya fi kusa da hannunsa. Dole a ambaci guda biyu, na shiga da na fita, kuma ya fi kyau a shafa musu lamba da fenti a jikinsu, takardar ta kira su da lambar.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi wahalar samun kalma. Masu faci suna cewa a sace taya, kuma kowa ya san nufinsu. Kalma ce ta gida, tana da jan hankali. Amma sacewa a kunnen Bahaushe ba lallai ta kai ƙarshe ba: ana sace taya kaɗan don a rage mata iska, taya kuma tana sacewa da kanta sannu a hankali. "A rage iska" ya fi muni, domin ragewa ba ƙarewa ba ce, kuma mun ga abin da rabin bar ke iya yi. A ganina babu kalma guda da za ta ɗauki wannan nauyi, kuma bai kamata a wahalar da kai wajen ƙirƙiro ta ba. Abin da ake bukata shi ne jimla mai faɗin aikin da kuma shaidar kammaluwarsa: a buɗe bawul ɗin fitar da iska, a bar shi a buɗe, har allurar geji ta kwanta a kan sifili kuma hucin iska ya ɗauke gaba ɗaya.

Shaida biyu aka ambata da gangan, domin kowacce tana iya yin ƙarya ita kaɗai. Geji yana lalacewa, ƙaramar hanyar da ke kai masa iska tana toshewa da datti, allura tana maƙalewa. Bawul ɗin ƙasan tanki kuma yana toshewa da laka da ɓarɓashin tsatsa, sai ya yi huci kaɗan ya yi shiru alhali tankin na cike. Idan huci ya tsaya amma allura ba ta sauka ba, ko allura ta sauka da sauri fiye da yadda girman tankin zai yarda, to akwai abin da ya toshe, kuma ba a taɓa noti sai an gano shi. Wannan bayanin ba zai shiga takardar jikin tanki duka ba, amma mai fassarar da bai san shi ba zai ga kamar maimaici ne ya yanke ɗaya daga cikin shaidun don takarda ta yi kyau.

In aka haɗa, takardar za ta fito kamar haka:

HAƊARI. Akwai matsattsiyar iska a cikin wannan tanki ko da inji a kashe yake. Tana iya kisa.
Kafin ka kwance komai: kashe kwamfuresa, ka sa kwaɗo a makunnin wuta. Rufe bawul na 1 da bawul na 2, ka sa musu kwaɗo. Buɗe bawul na 3, ka bar shi a buɗe. Kada ka taɓa noti sai allura ta kwanta a kan 0 kuma huci ya ɗauke.

Ta fi ta asali tsawo, kuma ba laifi ba ne. An yi amfani da "ka" maimakon "a" da niyya. "A kashe, a rufe" salon sanarwa ne, yana barin tambayar wa zai yi, kowa na iya zaton wani ya riga ya yi. "Ka" tana ɗora aikin a wuyan mai karatu. An kuma jera ayyukan bi da bi yadda hannu zai yi su, domin mai karatu cikin gaggawa yana aikata abin da ya fara gani.

Kalmar da ke saman takardar ma tana da nata zancen. Takardun da aka yi bisa tsarin Amurka na ANSI Z535 suna da matakai: DANGER a kan ja, ga abin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni in ba a kauce masa ba, WARNING a kan ruwan lemo, ga abin da ka iya yin hakan, CAUTION a kan ruwan ɗorawa, ga abin da zai iya jawo ƙaramin rauni ko matsakaici. An saba mayar da su haɗari, gargaɗi, hattara. Matsalar ita ce Hausa ba ta jera waɗannan ukun a tsani ɗaya ba. A kunnen mutane da yawa "hattara" ta fi "gargaɗi" razanarwa, alhali ita aka bai wa mataki mafi sauƙi. Ba na ganin za a gyara wannan da sauya kalmomi. Abin yi shi ne masana'anta ta tsaya a kan jeri ɗaya a ko'ina, a bar launukan yadda suke, sannan a rubuta sakamakon a fili a ƙarƙashin kalmar: yana kisa, yana makantarwa, yana ƙona hannu. Sakamakon ne mutum ke tunawa.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro, wato lambobi. Kwamfuresocin da ke shigowa ƙasar nan daga wurare dabam-dabam suke, kowanne da ma'auninsa. Na Turai yawanci bar ne, na Amurka psi, na Sin kuwa sau da yawa MPa ne a fuskar gejin. Bar ɗaya psi 14.5 ne, MPa ɗaya kuma bar 10 ne. Ma'aikacin da ya saba da geji mai bar, in aka kawo shi gaban na MPa ya ga allura a kan 0.5, zuciyarsa za ta ce masa rabi ne, saura ƙiris. Alhali bar 5 ne, kuma a bayan wancan murfi namu kilo 1,600 ne. Haka in takarda ta ce iyakar tanki 10 ba tare da ma'auni ba, ko ta faɗi ma'aunin da ba shi ne a fuskar gejin ba, an bar wa mutum lissafi a lokacin da bai kamata ya yi lissafi ba. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: harufan ma'auni ba a fassara su, ba a mayar da su rubutun Hausa, a bar su yadda ido zai gan su a geji. Lambar da za a sa a takarda kuma ta kasance da ma'aunin gejin da ke jikin wannan tankin, ba na littafin da aka kwafo ba. Jan layi da aka ja a kan gilashin geji daidai iyakar matsi ya fi kowace jimla saurin isar da saƙo. Ga masu aiki a Maraɗi ko Damagaram akwai ƙarin abu guda: rubutun Faransanci yana sa waƙafi inda na Ingilishi ke sa ɗigo, 0,8 maimakon 0.8, don haka takardar da aka buga a Kano ba za a liƙa ta can ba sai an duba lambobinta.

Farantin ƙarfen da ke jikin tanki yana ɗauke da wani tarko. A kan tankin da aka ƙera bisa ƙa'idar Amurka ta ASME za ka ga MAWP, wato iyakar matsin da aka yarda tankin ya yi aiki a kai. A kan na Turai za ka ga PS da wannan ma'ana, sau da yawa kuma kusa da shi akwai PT, matsin da aka gwada tankin da shi a masana'antar da ta ƙera shi. PT ya fi PS girma sosai. Tankin da PS ɗinsa bar 11 ne, PT ɗinsa kan kai wajen bar 16. In mai fassara ya kira PT "ƙarfin da tanki ke iya ɗauka", ya ba wa wani izinin ƙara matsi. Gwajin nan da ruwa ake yin sa, ba da iska ba, domin ruwa ba ya matsuwa: in ƙarfe ya tsage, ruwan zai tsarto matsin ya faɗi nan take, amma iska faɗaɗa take yi ta yi jifa da ɓaraguzan ƙarfe. Don haka PS a kira shi "iyakar da ba a wucewa", PT kuma "lambar gwajin ruwa, ba ta aiki ba". Ni da zan zaɓa, ba zan sa PT a takardar ma'aikaci ba sam.

Sunayen kayan aiki kuwa ba sa bukatar dogon zance. Ma'aikata sun riga sun ce kwamfuresa, tanki, bawul, geji, tiyo, furesha. Wanda ya zo da "na'urar matsa iska" ko "ma'aunin matsi" bai yi kuskure ba, kuma a littafin koyarwa suna da amfani don bayyana aikin abin. A takardar gargaɗi dai sunan da ake kira a ɗakin injin shi ne daidai. Abin da za a kiyaye shi ne ƙamus, domin kalmar da Turanci ke kiran irin wannan tanki da ita tana kuma nufin jirgin ruwa, wadda ake kiran masana'anta da ita tana kuma nufin tsiro, kuma wanda bai taɓa shiga ɗakin kwamfuresa ba yana iya ɗauko ma'anar da ba ita ba.

Suna ɗaya ne ya cancanci a tsaya a kansa, wato sefti bawul. Ƙaramin bawul ne mai sifirin a saman tanki, an saita shi ya buɗe da kansa in matsi ya kai iyaka. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta shi a kan tankin iska, tare da geji, da hanyar zubar da ruwa, da rubuta iyakar matsi a inda za a gani, da kuma binciken tankin lokaci-lokaci. Abin da ke faruwa a aikace shi ne, in ya fara huci sai a ɗauka yoyo yake yi, yana ɓarnar iska da dizal, sai wani ya ƙara ɗaure shi, ko ya cire shi ya toshe ramin da noti. Takardar da ta ce "kada a taɓa" ba ta amsa tunanin da ke kai mutum ga taɓawar ba. Gara ta ce: "In wannan bawul ya yi huci, aikinsa yake yi. Duba geji, ka kashe kwamfuresa, ka kira injiniya. Kada ka ɗaure shi, kada ka toshe shi." In geji lafiyarsa lau, allura kuma na ƙasa da iyaka sosai amma yana huci, bawul ɗin ne ya gaji, magani kuma sauya shi da wani mai lamba iri ɗaya. In allura ta kai iyaka, to makunnin matsi ne ya kasa tsayar da kwamfuresa, kuma wannan ɗan bawul shi kaɗai ya rage tsakanin tankin da fashewa.

Umarnin zubar da ruwan tanki kullum shi ma yana rasa ƙarfinsa in ba a faɗi dalili ba, domin mai hankali zai tambaya: ina ruwa ya fito a tankin iska? Daga iskar kanta. A damina, in zafi ya kai digiri 30 kuma laima ta kai kashi 80 cikin ɗari, kowane kubik mita na iska yana ɗauke da kusan giram 24 na ruwa. Kwamfuresa mai zuƙar kubik mita 6 a minti ɗaya, cikin awa takwas ta shigar da kusan lita 70. In aka matse iskar zuwa bar 7 ta huce zuwa digiri 35, ba ta iya riƙe fiye da lita 14 ko 15 daga ciki. Sauran, fiye da lita 50, komawa ruwa suke yi a na'urar sanyaya iska, a tanki da bututu. A hunturu abin yana raguwa ƙwarai, kuma a nan ne al'adar zubarwa ke mutuwa, sai damina ta dawo ta tarar an manta. Ruwan da ya kwanta yana cin gindin tankin daga ciki, inda ido ba ya gani, fenti na waje kuma yana ƙyalli. Alamunsa su ne jan ruwa mai ɓarɓashin tsatsa daga bawul ɗin ƙasa, ruwa na fita a tiyo tare da iska, daga baya kuma ɗan ƙaramin rami mai huci a ƙasan tankin.

A wannan ramin ne ake kiran mai walda, kuma gargaɗin hana walda dole ya fito da kalmomin da za su rufe duk hanyoyi: ba walda, ba faci, ba huda, ba goge shi da giranda. In aka ce "kada a gyara" kawai, mai walda zai ce shi ai liƙi ya yi. Ramin da ya ɓullo alama ce cewa ƙarfen da ke kewaye da shi ma ya sirance, kuma zafin walda yana ƙara raunana shi. Irin wannan tanki a sauke iskarsa, a daina aiki da shi, sai mai binciken da ke da izini ya auna kaurin ƙarfen ya yanke hukunci.

Duk takardar da aka rubuta, gwajinta ba a ofis ake yi ba. A kai ta gaban tankin, a samu ma'aikaci wanda bai ga ta asali ba, zai fi kyau sabon ɗauka ko na aikin dare, a ce ya karanta ya nuna da hannu abin da zai yi, ba tare da ya taɓa komai ba. Kada a tambaye shi ko ya gane, domin ladabi zai sa ya ce ya gane, musamman in oga na tsaye. A kalli inda hannunsa ya nufa. In ya nuna makunni ya tsaya, jimlar farko ba ta yi aikinta ba. In ya nuna bawul ɗaya ya bar ɗayan, lambobin ba su fito ba. In ya yi ta kokawa da boko alhali yana karanta ajami ba gargada, a ƙara layin ajami a ƙasa, a sa wanda ya iya ya rubuta shi da wasula cikakku. Sannan a duba bugun kafin a liƙa, domin wasu injunan buga takarda suna mayar da ɗ da ƙ da ɓ ƙananan akwatuna, kuma kalmar farko a takardar, HAƊARI, tana da ɗaya daga cikinsu.